Mai takobi da mai baka: lissafi ya yi daidai, wasa ya ƙi

Mai Zane: Salamu alaikum 'yan uwa. Wasan faɗa nake haɗawa, mayaƙa 12, kowa da jininsa, da ɓarnar makaminsa, da jiran da yake yi kafin ya sake bugu. Na zuba su a Google Sheets, amma mai baka cinye kowa yake yi. Ta ina zan fara gyara?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Raba ɓarna da lokacin jira, ka daidaita abin da kowa ke cirewa a sakan ɗaya. Shi ke nan.

Yaya Babba: Ɗan Kurmi, wannan hanyar ce ta cinye mini wata biyu. Mai takobina yana cire 34 duk sakan, mai baka 50 duk sakan 1.5, wato kusan 33. A takarda kunnen doki. Da muka gwada a kan mai jini 100, baka kibiya biyu ya gama, sakan 1.5 kacal, domin bugun farko ba ya jira. Takobi sai ya sara sau uku, sakan 2. Kafin sara na uku ya sauka an riga an kwantar da shi. Abin da za ka auna shi ne tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a kashe. Sa ɓarna a B, jira a C, ka jera jinin kowa a layin sama daga D1:

```
=(ROUNDUP(D$1/$B2,0)-1)*$C2
```

Ja shi ya cika akwatuna 144. Kada ka taɓa alamar `$`, in ta faɗi lissafin zai zame ya ɗauko jinin wani.

Hajiyar Lissafi: Ƙari a kan na Yaya: ka lura da bakin iyaka. Mai da 34 ya zama 33, sara huɗu ke nan, sakan 3. Maki ɗaya ya ƙara rabin lokaci. Ni jinin nake fara taɓawa: a 110 su biyun sakan 3 ne.

Bazazzagi: Wai wane wasa ne? A turo mana mu sauke.

Ɗan Kurmi: Ba a gama ba malam, karanta daga sama. Amma Hajiya, in ya ɗaga jini ai sauran goma duk sun motsa.

Hajiyar Lissafi: Shi ya sa ake jadawalin. `Conditional formatting` zai rina masa duk akwatin da ya gaza sakan 2 da ja.

Na Damagaram: Na kwafa ya ƙi. Excel ɗina na Faransanci ne.

Yaya Babba: Rubuta `ARRONDI.SUP`, ka sa `;` a madadin waƙafi.

Mai Zane: Na gode Yaya, layin mai baka ya yi ja wur. To amma daga nesa yake harbi, kafin a iso shi ya saki ɗaya. A wane akwati zan sa nisa?

Hajiyar Lissafi: Raba tazarar da gudun mai takobi, ka ƙara a lokacinsa.

Ɗan Kurmi: In mai bakan ya tsaya cak ke nan. Nawa da baya yake ja yana harbi.