Kwando ya ƙaru, kuɗi ya ragu: wa ya taɓa ganin haka a gonarsa?

Manomin Kadawa:
Assalamu alaikum. Ina so wanda abin nan ya taɓa samu ya faɗi nasa, don ni ya ɗaure min kai. Ina noman tumatir na rani da ruwan Tiga. Bara na cire kwando 200, na sayar a kasuwar Kwanar Gafan a kan naira 15,000 in an haɗa tsada da araha, kuɗi ya kama miliyan 3. Bana sanyi ya yi kyau, sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir, bai taɓa mu ba, gonar nan dai ta ba ni kwando 300. Amma da ƙyar kwando ya tsaya a 6,000, na tashi da miliyan 1 da dubu 800. Ga kuɗin masu tsinka da na kwando da na kai wa kasuwa, wajen 1,500 a kan kowane kwando: bara 300,000, bana 450,000. Taki da feshi da man inji da ƙwadago sun ci kamar 900,000 a kowace shekarar. Ribar bara miliyan 1 da dubu 800, ta bana 450,000. Yaya za a ce Allah ya ba da albarka, mutum kuma ya koma baya?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ai ba sai an yi dogon bincike ba, dillalai ne. Suna ganin kaya sun cika kasuwa sai su haɗa baki su karya farashi. Ƙanina yana Legas, na tambaye shi, ya ce tumatir ya sauka a can amma ko kusa bai yi irin faɗuwar da ya yi mana ba. To ina sauran kuɗin ya shiga?

Mai Lodin Kudu:
Baban Khalifa, ni ina cikin waɗanda kake zargi, bari in buɗe maka littafina. Ina lodi daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. A ce kwando yana 30,000 a Legas. Kuɗin mota, ƴan dako a nan da can, abin da ake bayarwa a hanya, la'adar kasuwa, da wanda zai ruɓe kafin a isa, duka suna cin wajen 15,000 a kan kwando. Saura 15,000, shi nake iya biyan manomi har da ɗan abin da zan ci a ciki. Ranar da motoci suka yi yawa a Mile 12 kwando ya koma 21,000, direba ba zai rage min ko sisi ba don tumatir ya yi araha, dizal ɗinsa bai sauka ba. Lokacin cikar kasuwa ma mota tsada take ƙarawa, kowa nema yake. Cire 15,000 daga 21,000, saura 6,000. Dubu 9 ɗin da ta ragu a Legas ita ce ta ragu a hannun Alhaji. Ban ce babu macuta a cikinmu ba, akwai masu jan ciniki har rana ta take don sun san manomi ba zai koma gida da kaya ba. Amma ni ma bana na sauke mota ban mai da uwar kuɗi ba.

Maman Ummi:
Ni ba manomiya ba ce, mai saye ce, kuma ina tuwon sayarwa a Kano. In tumatir ya faɗo rabin kuɗinsa ba na ninka abin da nake saye. Iyakaci in ƙara kamar kwata, miya ta yi ja, in daina haɗawa da na leda. Tukunyata ba ta ƙara girma ba, masu cin tuwona ba su ƙaru ba, wutar da zan ajiye a firiji babu. Rarar kuɗin nama nake ƙarawa da ita ko man gyaɗa. In kuma ya yi tsada ba na dainawa, rage hannu kawai nake yi, don ba wanda zai sayi shinkafa da miya fara.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Hajiya, abin da kika faɗa shi ne amsar tambayar. Kuɗin da manoma ke samu gaba ɗaya shi ne yawan kaya sau farashi. In kaya ya ƙaru, dole farashi ya yi ta sauka har sai masu saye sun yarda sun kwashe ƙarin. Tambayar kawai ita ce: sai ya sauka nawa kafin su kwashe?

Masana tattalin arziki suna da ma'auni na wannan, suna ce masa ilastisiti na buƙata. Ana ɗaukar kashin da saye ya ƙaru a raba da kashin da farashi ya sauka. Hajiya ta ce in farashi ya faɗi kashi 50 cikin 100, ita tana ƙara kashi 25. Raba 25 da 50, ya ba ka rabi. Duk lokacin da amsar ta gaza 1, masu saye ba sa motsawa daidai da motsin farashi, kuma a irin wannan kasuwa ƙarin kaya rage jimillar kuɗi yake yi.

Mu gwada da lissafin Mai Lodi. A ce tumatirin da ya shiga kasuwa bana ya fi na bara da kashi 20, misali ne nake bayarwa. A Legas sai da farashi ya sauka daga 30,000 zuwa 21,000, kashi 30 ke nan, kafin a cinye ƙarin. A bakin gona kuwa daga 15,000 zuwa 6,000 ne, kashi 60. Raba 20 da 60, kashi ɗaya cikin uku ne kacal. Manomin da ya cire kwando 100 bara ya karɓi miliyan 1 da rabi. Bana ya cire 120, ya karɓi 720,000, bai kai rabi ba. Alhaji, kai da naka ya ƙaru da rabi cif, ka fi maƙwabtanka sa'a ma. Baban Khalifa ya ga gaskiya da ya ce faɗuwar ta fi tsanani a gona, sai dai ko babu haɗin baki haka za ta kasance, tunda kuɗin hanya ba ya sauka tare da kaya.

Manomin Kadawa:
Allah ya gafarta Malam, to ni da na ƙara ƙoƙari na yi kuskure ke nan?

Malamin Gona Mai Ritaya:
A'a. Da kai kaɗai gonarka ta yi kyau, kwando 100 da ka ƙara ba zai girgiza Mile 12 ba, da ka sayar da 300 a kan 15,000. Abin da ya same ku shi ne sanyin da ya gyara gonarka ya gyara na Kura da Bunkure da Ɗanja da Zariya, kuma kusan mako ɗaya kuka dasa, mako ɗaya kuka fara cira. Ka tuna 2016 da sharon ya cinye gonaki har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Farashi ya ninka sau da yawa, wanda gonarsa ta tsira ko da rabi ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba. Dalilin ɗaya ne, ta ɗaya fuskar.

Ɗan Maigatari:
Ku yi haƙuri, ni nawa bai bi wannan hanyar ba. Riɗi nake nomawa. Shekarar da ya yi kyau a duk yankinmu, buhuna ya ƙaru, farashi ya ɗan yi ƙasa da kaka sannan ya dawo, kuɗina kuma ya ƙaru. Abin da ke kayar da mu ko ya ɗaga mu dala ce, da zuwan masu saye ko rashin zuwansu. To lissafin Malam ina ya shiga a nan?

Malamin Gona Mai Ritaya:
Ya shiga, ɗana. Riɗinka ba a tukunyar Hajiya yake ƙarewa ba, yawancinsa Japan da Sin da Turkiyya ake kai shi, inda yake gogayya da na Sudan da Indiya da Habasha. In naku ya ɗan yi sauƙi, mai saye sai ya rage na wata ƙasa ya ƙara naku, saye ya ƙaru sosai da ɗan sauƙin farashi kaɗan. Ga shi kuma yana ajiyuwa wata da watanni. Tumatir ba shi da ko ɗaya: kwana kaɗan ne ya ruɓe, kuma masu cinsa su ne dai na jiya.

Na Saminaka:
Maganar ajiya ce ta sa zan sa baki. Mu masu masara kullum ana ce mana kada mu sayar da kaka, mu jira bazara. Na bi shawara, na zuba ta Disamban 2024 a sito, na sayi magani, na biya haya. Maimakon ta hau, sai ta yi ta gangarowa cikin 2025, har na sayar ƙasa da farashin da na ƙi karɓa. Ni ban yarda yabanya ce kaɗai ta jawo ba. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Wannan ai ba albarkar gona ba ce.

Baban Khalifa:
Ka ji ko! Na ce akwai hannun mutane a ciki.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Kasuwa ba ta tambayar buhu daga ina ya fito, gona ko jirgin ruwa, ƙari dai ƙari ne, kuma mai cin tuwon masara ba zai ci sau biyar a rana don ta yi araha ba. Amma nawa ne na shigowa, nawa ne na yabanya, nawa ne na masu sito da suka tsorata suka fito da kaya lokaci guda, wannan ni da kai za mu daɗe muna musu. Ajiya tana taimako ne in ƙarin na ɗan lokaci ne. In kowa ya ajiye, cikar kasuwar ce aka ɗaga zuwa bazara.

Auta:
To me zai hana manoman tumatir duka su yi yarjejeniya kowa ya rage rabin gona? Bisa lissafin nan ai kuɗinsu zai ƙaru.

Manomin Kadawa:
Yaro, in na ji kowa zai rage, ni ne farkon wanda zai ƙara kadada a ɓoye, haka ma maƙwabcina. Ragewar tana zuwa da kanta ba tare da taro ba: waɗanda suka ƙone bana da yawa alkama ko albasa za su koma baɗi, tumatir ya yi tsada, shekara mai zuwa kuma kowa ya dawo.

Maman Ummi:
Alhaji, ba ku yanka ku shanya ba? Ni da damina kauɗa nake nema ido rufe, kuma da tsada nake sayenta.

Manomin Kadawa:
Mun shanya na ƙarshen cira, Hajiya, da farashin ya kasa biyan kuɗin kwando. Sai dai kwanduna da yawa ke ba da buhu ɗaya, ga kuɗin masu yanka, kuma a ƙasa muke bazawa, ƙura na hawa, masu saye na rage kuɗi saboda ita. Bana ba ni kaɗai na shanya ba, duk gefen titi ja ne. Mai Lodi, kai da kake zagaya kasuwanni, nawa ka ji ana sayar da buhun kauɗa yanzu? In na riƙe tawa zuwa Yuni, kana ganin za ta tashi, ko irin ta mutumin Saminaka za a yi?