Turos ɗin da sandarsa ta tsakiya ke ba da sifili

Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Ku ba ni shawara kan wannan turos, wato firam ɗin sanduna irin mai ɗaukar rufi, mai mahaɗa huɗu. A da C suna ƙasa, tsakaninsu mita 8, B tana tsakiyarsu, D kuma tana saman B da mita 3. Sanduna biyar ne: AB, BC, AD, DC da BD. A tana kan fin, C tana kan rola, an ɗora lodin 12 kN a D yana kallon ƙasa. An ce a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Duk yadda na juya, BD sifili take ba ni. Ta ina ya kamata in fara?

Bala Mai Walda: Wa alaikumus salam. In mahaɗar ce ke ba ki matsala, ki sa a ƙara faranti a B a zagaye shi da walda. Da wuya ta sake motsi.

Ummi: Malam Bala, a takarda take tukuna. Ƙarfin da ke cikin kowace sanda ake nema.

Injiniya Hadiza: Ummi, sifilin nan daidai ne, kada ki goge shi. Amma shawarata ki fara da matokarai, wato fin ɗin A da rolar C, kafin ki taɓa kowace mahaɗa. Lodin yana tsakiya cif, don haka A da C kowacce tana turawa sama da 6 kN, kuma fin ɗin A ba ya turawa gefe tunda babu abin da ke tura turos ɗin gefe. Daga nan ki nemi mahaɗar da sandunan da ba ki sani ba ba su wuce biyu ba, domin lissafi biyu kacal kowace mahaɗa ke ba ki: ΣFx = 0 da ΣFy = 0, wato jimillar ƙarfin kwance sifili ce, ta tsaye ma haka. A ta cika wannan sharaɗi. Tsawon AD mita 5 ne, tunda ta tafi 4 a kwance ta hau 3. Ki ɗauka kowace sanda jan mahaɗar take yi, ki zana kibiyarta tana fita daga A. Na tsaye: 6 + AD(3/5) = 0, sai AD = −10 kN. Alamar ragin tana gaya miki matse ta ake yi, ba ja ba. Na kwance: AB + AD(4/5) = 0, ki saka −10 ɗin da alamarsa, sai AB = 8 kN, ana janta.

Nura: Ni dai ba na son wannan ɗaukar komai a matsayin ja. Kowa ya kalli zanen ya san sandunan sama matse su ake yi. Ka zana kibiyar yadda take tun farko, ka huta da alamar ragi.

Injiniya Hadiza: A turos mai sanda biyar ido zai gaya maka, Nura. In sanduna suka yi yawa, na gicciyen tsakiya ba sa nuna kansu, kuma wanda ya yi hasashe a mahaɗa ɗaya yakan manta ya juya kibiyar idan ya isa ɗaya bakin sandar. Sandar da ake matsewa tura mahaɗunta biyun take yi, duka biyun. Nan ne yawancin lissafi ke karkacewa.

Nura: Na ji, amma ni hasashen ya fi mini sauri, kuma yana sa in san abin da nake tsammani kafin lamba ta fito.

Ummi: To B fa, Anti?

Injiniya Hadiza: Ki tsaya a B ki duba. AB da BC suna kan layi ɗaya a kwance, BD kaɗai ke tsaye, kuma ba a rataya komai a wurin ba. Idan BD ta ja B sama, wa zai mayar da ita ƙasa? Sandunan kwance ba su da rabo a tsaye. Dole BD ta zama sifili, BC kuma ta yi daidai da AB, 8 kN. Kafin ki miƙa aikin ki je D, wadda ba ki yi amfani da ita ba, ki gwada: AD da DC kowacce 10 kN, rabonsu na tsaye 6 da 6, sun tare 12 ɗin. In mahaɗar ƙarshe ba ta rufe haka ba, akwai kuskure a baya, kuma yawanci 3/5 da 4/5 ne aka musanya.

Nura: Dokar a taƙaice, ƙanwata: duk inda sanda uku suka haɗu, biyu a layi ɗaya, ta ukun sifili ce. Tunda ba ta ɗauke da komai ma, asarar ƙarfe ce, a cire ta.

Malam Garba: Nura, ka bar rabin dokar a hanya. Sai in babu lodi ko matokari a mahaɗar. Ummi, ki sauko da 12 kN ɗin nan daga D ki rataya shi a B ki gani. Matokarai ba su canja ba, AD tana nan a −10, AB tana nan a 8, amma yanzu BD ce ke ɗauke da lodin gaba ɗaya, 12 kN na ja, tana kai shi D. Sanda ɗaya, turos ɗaya, wurin lodi kawai aka sauya. Batun cirewa kuma, ka ƙirga: sanda 5 da turawar matokarai 3 sun ba da 8, mahaɗa 4 sau 2 ma 8. Ka cire BD ka bar fin a B, ka koma 7, kuma babu abin da zai hana B lotsawa ƙasa. A sandunan sama abin ya fi tsanani. Irin wannan sanda ce ke tallafe doguwar sandar da ake matsewa a tsakiyarta, kuma a lissafin Euler raba tsawon gida biyu yana ninka lodin da za ta jure kafin ta lanƙwashe sau huɗu, ta ɓangaren da aka tallafe ta.

Ummi: Iska fa? In aka tura D gefe, BD za ta farka?

Malam Garba: Gwada da 4 kN a D zuwa dama, tare da 12 ɗin. Juyi a kan A ya ba C 7.5, A ta samu 4.5 sama da 4 zuwa hagu. AD ta koma −7.5, DC −12.5, AB da BC 10 kowacce. BD tana nan a sifili, domin a B babu abin da ya canja. Akwai kuma doka ta biyu da za ki ci karo da ita: mahaɗa mai sanda biyu kacal, ba a layi ɗaya ba, babu lodi babu matokari, dukansu sifili ne. In kin soke su a zane ki sake zagayawa, sokewar takan fito da wasu.

Bala Mai Walda: Ni abin da ban gane ba, duk wanda na taɓa haɗawa walda ce, babu fin ko ɗaya. Wannan lissafin ya shafi nawa kuwa?

Injiniya Hadiza: Ya shafe shi, Malam Bala, muddin sandunan sirara ne idan aka gwada da tsawonsu, layukan tsakiyarsu sun haɗu a ɗigo ɗaya, kuma lodin a mahaɗa yake sauka. In ka ɗora shi a tsakiyar sanda, lanƙwasa ta shigo, wannan hanyar kaɗai ba za ta isa ba.

Malam Garba: Ni a mai walda ba na yarda da sifili cif. Mahaɗar ba ta juyawa, don haka BD takan ɗan ɗauki wani abu.

Injiniya Hadiza: Takan ɗauka, Malam, amma ɗan kaɗan ne, ban ga zai canja girman ƙarfen da za a zaɓa ba.

Bala Mai Walda: To bari in auno kaurin sandunan nawa da inda katakon rufin ke zama a kansu, in turo muku zanen ku duba.