Na maƙale a minti 48 a kilomita 10, ya kuke tsara gudun tempo?

Ɗan Asuba: Salamu alaikum. Tun bara nake kan minti 48 a kilomita 10, ya ƙi sauka. Duk Talata ina yin tempo na kilomita 5 a kan 4:40 kowace kilomita, in na gama sai na dafa gwiwa. Wanda ya taɓa maƙalewa haka, me ya canza?

Tsohon Koci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsere kake da kanka duk mako, shi ya sa. Minti 48 ai 4:48 ke nan a kilomita, kai kuma kana tempo da saurin da ya fi na gasarka. Tempo shi ne saurin da za ka iya riƙewa kamar awa guda in an matsa maka, naka zai kama 4:55 zuwa 5:00. In a fili mai zagayen mita 400 kake, minti biyu ke nan kowane zagaye.

Na taɓa tsayawa wuri ɗaya kamar kai. Abin da ya fisshe ni shi ne na bar saurin yadda yake, na riƙa ƙara tsawon. Na fara da minti 20 a jere. Bayan mako biyu na koma minti 10 sau uku, da sassarfar minti biyu a tsakani, daga nan minti 15 sau biyu. Idan kana iya furta kalma uku ko huɗu kana gudun, kuma ka gama kana jin da sauran minti biyar a ƙafarka, daidai kake. In zagayen ƙarshe ya fi na farko ɗaukar lokaci, alamar ka fara da zafi ke nan.

Maman Hanif: Ni tempo bai yi min komai ba sai da na ƙara gudun a hankali, daga kilomita 25 a mako zuwa 40. Ka ajiye shi kawai, ka tara kilomita.

Tsohon Koci: Hajiya, tara kilomitar gaskiya ne, amma ba sai ya ajiye tempo ba. Ɗan Asuba, nawa kake yi a mako?

Bature Mai Keke: Ni mita 200 sau goma nake yi da iya ƙarfina, yanzu ba mai kama ni a ƙwallon unguwa.

Ɗan Asuba: Bature, wannan ai maganar ƙwallo ce. Koci, kilomita 30. Sai dai a zafin Afrilun Kano, 5:00 ɗin ma da kyar nake riƙe shi ko da bayan sallar asuba ne.

Tsohon Koci: To a 30 kada ka wuce minti 20 tukuna. Lokacin zafi kuma bi numfashinka, bar agogo ya ce 5:10.

Maman Hanif: Koci, ni dai har yanzu ina ganin 30 ɗin ce matsalarsa.