Yaya zan sassauta wasiƙar ba tare da na bar diyyata ba?

Jama'a, ku taimaka mini da shawara. Na sayi buhun shinkafa 200 wajen wani dillali, na biya rabin kuɗi, muka rubuta zai kawo cikin kwana 7. Sai da aka yi kwana 19 kayan suka iso, har mutum biyu suka janye cinikinsu.

Cikin fushi na rubuta masa: "Kun ci amanata, ku biya ni asarata." Ban tura ba, domin shekara shida muna hulɗa, kuma ya girme ni.

Da na mayar da ita "Alhaji, a duba mana lamarin", sai ta koma roƙo, maganar diyya ta ɓace. Ragin kashi 5 nake nema daga cikon kuɗin. In ambaci adadin da ranar da nake jiran amsa tun a farko, ko sai bayan gaisuwa da bayanin asarar?