Neman shawara: in saki sigar 1.4 ta manhajata ranar Asabar ko in dakata?

Ɗan Auyo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni na haɗa manhajar da ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu ke rubuta bashin taki da ita, a wayoyi 12. Suna son 1.4 kafin rabon takin noman rani ranar Litinin. Aiki biyu ban gama ba: fassarar shafin rahoto da maɓallin fitar da PDF. Kurakurai uku na sani: idan sabis ya yanke aka sake danna "Aika", wani lokaci bashin yakan shiga sau biyu, ƙ da ɗ ba sa fita a rasit, tana jan ƙafa a tsofaffin wayoyi. Shugaba ya ce min a waya ba komai, in saki. Me kuka gani?

Injiniya daga Wudil: Wa alaikumus salam. Ƙanena, yawan abubuwan da suka rage ba shi ne abin dubawa ba. Ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka: wannan zai taɓa kuɗin mutane ko bayanansu? Shigar bashi sau biyu shi kaɗai ya isa ya hana fitarwa. Manomi ya karɓi buhu biyu na yuriya, a zo lokacin girbi a ce huɗu ne a kansa, rigimar nan ba a waya za ta ƙare ba, sai gaban mai gari. Gyaran ba wuya: tun a wayar, kowane rubutu ya samu UUID nasa, saba kuma ta ƙi karɓar lambar da ta riga ta gani. Kashe maɓallin bayan dannawa bai wadatar ba, domin saƙon farko yana iya isa, amsar ce ta ɓata a hanya.

Ayyukan biyu da ba ka gama ba, ka ɗage su zuwa 1.5, ka ɓoye maɓallin PDF ɗin gaba ɗaya. Jan ƙafa kuwa, ka rubuta shi cikin takardar matsalolin da aka sani, a saki da shi.

Abin da ya fi damuna ba ka ambace shi ba. Ka canza tsarin rumbun bayanai tsakanin 1.3 da 1.4?

Ɗan Auyo: E, Yallaɓai, na ƙara gurbin lambar waya. Room nake amfani da shi.

Injiniya daga Wudil: To maza ka bincika ko akwai `fallbackToDestructiveMigration()` a aikinka. In yana nan kuma ba ka rubuta `Migration` ba, ana ɗora 1.4 aka buɗe ta zai share duk abin da ke cikin rumbun bayanan manhajar a wayar, har wanda bai kai ga saba ba. Ga gwajin: ka sa 1.3 a waya, ka kashe data, ka shigar da manoma 20, sannan ka ɗora sabuwar a kanta ba tare da ka cire tsohuwar ba.

```
adb install -r app-release.apk
```

Ka ƙirga. In ba 20 ba ne cif, da jimillar buhunan daidai, Asabar ta tashi.

Ɗan Kura: Ni dai a ganina ka saki kawai. Wayoyi 12 ne fa. Ka fara da biyu, in an ga matsala a mayar da 1.3.

Injiniya daga Wudil: Farawa da waya biyu shawara ce mai kyau, Malam. Amma komawa baya babu ita. Android ba ta yarda ka ɗora manhaja mai ƙaramin `versionCode` a kan mai babba. Sai an cire, cirewa kuma tana tafiya da bayanan. Hanya ɗaya ce, ka fitar da gyara da lambar da ta fi.

Maman Hafsa: Ni ba mai haɗa manhaja ba ce, littafin kuɗin ƙungiyar mata nake riƙewa a Ringim. Ɗana, "ba komai" a waya ba sa hannu ba ne. Shugaba ma yana taɓa manhajar? Ma'aji da sakataren da ke rubutu a bakin sito su za ka zaunar. Ka karanta musu abin da aka gyara da abin da ya rage, su shigar da bashi da hannunsu, sannan kowa ya rubuto "na gwada 1.4, na amince" da kwanan wata. Kuma maganar ƙ da ɗ ban ɗauke ta ƙarama ba. Rasit shi ne shaidar manomi. Sunan Ɗanladi ya fito da akwati a farkonsa, gobe ya ce ba nasa ba ne.

Injiniya daga Wudil: Hajiya, ni da zan bari a saki da wannan, tunda akwai lambar mamba a rasit. Amma ku kuka san masu karɓa.

Matashi daga Gumel: Ni ma tawa ta ƙi hawa a wayar kawuna, tana ta cewa `App not installed`. Ko matsalar ɗaya ce?

Ɗan Kura: Taka daban. Duba ko da wani mabuɗi daban ka sa wa sabon APK ɗin hannu.

Ɗan Auyo: Na duba, layin `fallbackToDestructiveMigration()` ɗin yana ciki, Allah ya saka da alheri. Yau zan rubuta `Migration`, gobe in zauna da ma'aji. In shigar bashi sau biyu bai gyaru ba zuwa daren Juma'a, Litinin a yi rabo da 1.3, lambar waya a rubuta a littafi. Rasit ɗin zan nuna wa ma'aji, shi ya yanke.