Allurar cika kumatu da haɓa: ina neman shawarar masana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Katsina nake. Tun da na yi jinya na rame, kumatuna suka faɗa, haɓata kuma dama gajera ce. Likitar fata ta ce allurar ciko mai sinadarin hayaluronik za ta taimaka, amma ba za ta ɗaga fatar da ta saki ba, kuma jiki na narkar da ita cikin kamar shekara 1 zuwa 2.

Inda na tsaya shi ne lissafi. Da sirinji ake sayarwa, kowane mililita 1, bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Ta ce kowane kunci zai ci ɗaya, haɓa ɗaya, kuɗin sirinji uku ke nan, kuma ba sau ɗaya ba. Ƙarfina na biyu ne. Shin in zuba su a kumatu in bar haɓa, ko in raba? Ina tsoron in raba, kumburi ya sauka bayan mako biyu, in ga babu wani canji.

Wata mai kwalliya ta yi mini tayin rabin farashi, na ƙi, saboda allurar na iya toshe jijiyar jini, kuma ba ta ajiye maganin narkar da ita.

Wadda ta taɓa yi, don Allah nawa kika biya, kuma wata nawa ta kai kafin ta fara lotsawa?