Neman shawara: "do a decision" ko "make a decision"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na rubuta "I did a decision" a wata takarda, malaminmu ya ja layi ya sa "made". Na tambaye shi dalili, ya ce haka ake faɗa kawai. Shin akwai ƙa'ida ne, ko sai hadda?

Wani ɗalibi: Wa alaikumus salam. Akwai mana. Idan ka ƙirƙiro abin da da babu shi, make ne. Idan aiki ne kawai ka gudanar, do ne. Shi ke nan.

Malama mai koyar da Turanci: Ɗana, ƙa'idarka tana kai mutum rabin hanya, sai ta ajiye shi. Wanda ya ce "make the bed" ba gado ya ƙera ba, shimfiɗa ya gyara. Shi kuma "do damage" ai ɓarna ce aka haifar wadda da babu ita, amma do ta ɗauka.

Mai tambaya, duba Hausarka. Shawara yanke ta muke yi. Da wace wuƙa? Wahala shan ta ake yi, jarrabawa kuma a ci ta. Da baƙo zai ce maka "na ci wahala, na sha jarrabawa", za ka gane nufinsa, nahawunsa ma lafiya lau, amma kunnenka zai gaya maka ba ɗan gida ba ne. Haka Bature yake jin "do a decision". Kalmomi suna da abokan tafiya, kuma sabo ne ya haɗa su.

Abin da ke kayar da mu shi ne "yi" ɗaya gare mu, su kuwa sun raba ta. Yi kuskure "make a mistake" ne, yi ƙoƙari "make an effort", amma yi kasuwanci "do business". Don haka daina rubuta decision ita kaɗai a littafinka. Rubuta ta da jama'arta: make a decision, reach a decision, a tough decision. Daga suna za ka nemo aikatau, domin sunan ne ka riga ka sani lokacin da kake magana.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ni "drink your medicine" na yi ta faɗa wajen shekara biyu, har ƙwaya ma, kafin wata ta ja ni gefe ta ce take ake cewa. Kunya kamar in nutse.

Wani ɗan uwa: To ka ce "I decided" mana, ka huta.

Mai tambaya: Malama, na gode. Amma na ji ana cewa "take a decision" a labarai. Shi ma kuskure ne?

Malama: A'a, daidai ne. Turawan Birtaniya suna faɗin sa, musamman a harkar hukuma, Amurkawa kuwa make suka fi sabawa da ita.

Wani ɗalibi: Ni dai har yanzu ina ganin ƙa'idata ta fi hadda sauƙi, Malama.